An naɗa ni shef a kan abokan aikina, yanzu gaisuwa ma da ƙyar

“Malam, shekara biyar muna aiki mu bakwai a wani kamfanin rarraba kaya a nan Maraɗi, muna kai wa masu kantuna sabulu da taliya da man girki a kan moto. Wata biyu ke nan da darakta ya naɗa ni shef ɗin ekip. In na iso fada sai a yi tsit. Wanda ya koya mini aikin ya girme ni da shekara tara, kuma shi kowa ya zaci za a ba. Yanzu ‘ranka ya daɗe’ yake ce mini cikin gatse, ba ya kawo kuɗin ciniki sai ya ga dama. Abin da ya fi damuna, duk dabarun da ake yi da kuɗin esansi da kwanar da kuɗin kamfani na san su, don da ni ake yi a da. In na yi magana su ce na manta jiya, in na yi shiru darakta ya ce ban iya ba. Yaya zan yi?”

Ƙanena, Allah ya sanya alheri a muƙamin, ya kuma ba ka ikon riƙe shi da gaskiya. Na daɗe ina riƙe da sashen ma'aikata, kuma irin wannan naɗin na cikin gida ya sha bi ta hannuna, don haka zan faɗa maka inda nake ganin haɗarin yake. Shirun fada zai yi maka zafi, gatsen yayanka da ya koya maka aiki zai hana ka barci, amma waɗannan biyun lokaci yana rage musu kaifi. Wanda lokaci ba ya gyarawa shi ne sirrin da ke tsakaninku. Ka san nasu, sun san naka. Muddin wannan yana nan a rufe, duk umarnin da ka bayar sai an auna shi da abin da aka san ka taɓa yi, kai kuma duk lokacin da za ka buɗe baki sai ka tuna akwai mai iya tona ka. Shef ɗin da aka kawo daga Yamai ko Damagaram ba ya da wannan nauyin. Kai kana da shi, kuma a kansa zan fi tsayawa.

Kafin nan ka fahimci abin da su ma suke ciki, domin ba lalle hassada ce ke cin su duka ba. Jiya kai abokin ɓoye sirri ne, yau kai ne mai shiga ofishin darakta a rufe ƙofa. Ba su san me kake faɗa a ciki ba. Mai iyali da ke cike gibin cefane da ragowar kuɗin esansi, in ya gan ka ka fito daga ofishin, abin da ke ransa shi ne ko yau aka ambaci sunana. Tsoro ne ke sa fada ta yi tsit. Gatse kuma gwaji ne: ana so a gani ko za ka fusata ka nuna mulki ya hau maka kai, ko za ka yi dariyar yaƙe ka nuna ba ka da ƙashin baya. Hausawa sun ce ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani kullum. Shekara biyar suna ganin ka kullum.

Fara da darakta

Sababbin shef-shef da yawa suna fara tara ekip su yi jawabi. Ni shawarata ka fara da na sama. Nemi zama da darakta, ka fito da amsar tambayoyi ƙayyadaddu: wa ke raba hanyoyi, kai ko shi? Wa ke ba da izinin fashin yini ɗaya in ɗan wani ba lafiya? In mutum bai kawo kuɗi kan lokaci ba, iyakarka ina, jan kunne da baki ko rubuta rahoto? In ɗaya daga cikinsu ya tsallake ka ya zo wurinsa kai tsaye, zai saurare shi ya yanke hukunci ko zai maido shi gare ka? Ta ƙarshen nan ta fi sauran nauyi. A kamfanoninmu na Maraɗi, musamman na alhazai ƴan kasuwa, ƙofar maigida a buɗe take ga tsohon yaro, kuma wannan hali ne mai kyau. Amma in yayanka zai iya shiga ya warware abin da ka ɗaure da safe, to sunan shef kawai aka ba ka da ɗan ƙarin albashi.

Ka roƙi darakta ya zo da kansa ya faɗi waɗannan a gaban mutum shidan nan, ko da na minti biyar ne, a kuma manna takarda a jikin allo. Naɗin da aka yi a ofis tsakanin mutum biyu, sauran suka ji a bakin direba, shi ke haifar da rabin rainin da kake gani.

A wannan zaman ne kuma za ka cire wa kanka ƙaya. Amma kafin ka shiga, ka duba hannunka. In akwai kuɗin kamfani da ya rage a wurinka, ko dala ɗaya ce, ka mayar. In wani a ekip yana bin ka bashi, ka biya shi ko da za ka ci bashin a wani wuri. Sannan ka ce wa darakta magana kamar haka: “Alhaji, akwai wasu al'adu da suka daɗe a ekip ɗin nan, na kwanar da kuɗin ciniki da na lissafin esansi. Ni ma a cikinsu na tashi, ba zan ɓoye maka ba. Ina so ka ba ni izini in rufe su daga farkon wata mai zuwa. Abin da ya wuce a bar shi, matuƙar babu gibi a lissafin kowa.” Kada ka kama sunan kowa. In ya matsa maka, ka ce al'ada ce ta kowa da kowa, kuma gyara kake nema.

Na san wannan magana tana da nauyi a baki, kuma akwai kasada a cikinta. Kai ka san halin maigidanka fiye da ni. Amma a abin da na gani, darakta da ya yi shekaru yana wannan harka ya riga ya san ana yi, sau da yawa ma shi ya sa ya ɗauko na ciki. Ka kuma auna ɗaya ɓangaren: in ba ka faɗa da bakinka ba, ranar da ka matsa wa wani shi zai faɗa, kuma a bakinsa labarin zai fi haka muni. Da zarar darakta ya ji daga gare ka, makamin da ake riƙe maka ya tashi aiki.

Ranar da za a ja layi

Bayan nan ka tara su, a wurin aiki, da safe kafin a ɗora kaya. Kada ka yi wa'azi, kada ka yi kamar yau ka sauko daga sama. Ka ce musu kai ma ka yi, darakta ya sani, ba a kama sunan kowa ba kuma ba za a kama ba. Ka ba da rana: daga ɗaya ga wata kuɗin ciniki ba ya kwana a aljihun kowa. Ka bar musu kwana goma ko sati biyu tsakanin sanarwa da ranar. Wannan tazarar tana da dalili. Wanda ya saba juya kuɗin kamfani, wataƙila a yanzu haka jaka ɗari biyu na kamfanin suna cikin buhunan wake ko a hannun ɗan canjin naira, sai ya sayar kafin ya cike. In ka ce gobe, ka tura shi ga ƙarya ko ga gudu. In ka ba shi sati biyu, ka ba shi hanyar fita da mutuncinsa.

Dokar ta zama mai sauƙin dubawa. Mai hanyar cikin gari ya zuba kuɗi a kes kafin a rufe, ya karɓi rasit. Wanda dare zai yi masa a hanyar Tasawa ko Dakoro ya aiko ta Nita ko Amana kafin ya kamo hanya, kamfani ya ɗauki kuɗin aike, ya turo hoton rasit. Kai kuma ka riƙe littafi ɗaya, layi ɗaya ga kowane mutum a kowace rana: kayan da ya fita da su, wanda ya dawo da shi, bashin da ya bayar, tsabar da ya zuba. Littafin ya zauna a kan tebur inda kowa zai iya buɗawa. In har yanzu kana fita da kaya wasu ranaku, sunanka ya zama na farko a shafin.

Akwai hujjar da za ka ba su wadda ba ta kamfani ba ce, tasu ce. Kowa ya san halin da wasu hanyoyin kudu suka shiga, wajen Madarunfa da bakin iyaka, da wasu sassan Gidan Rumji. Mutumin da aka san yana tafe da kuɗin ciniki a jaka bayan magariba yana saka ransa a haɗari. Kuma ko a cikin gari, in kuɗin suka ɓace a ɗakinsa bayan ya kamata a ce suna kes, ba mai ce masa ƙaddara ce. Biya zai yi, wataƙila har da zuwa gaban ƴan sanda.

Esansi: auna kafin ka yanke

A nan ne nake so ka yi a hankali ƙwarai, domin a nan sabon shef ke yin kuskuren da ba a yafe masa. Ya san ana rage kuɗin esansi, sai ya toshe ƙofar rana ɗaya don ya burge darakta. Bai tsaya ya tambayi ina ragowar ke tafiya ba, alhali shi ma ya sani.

Bari mu yi lissafi da misali, kai ka sa naka alƙaluman a gurbin nawa. A ce kowane ɗaya cikin shidan ana ba shi lita biyar a rana, kwana shida a sati. Lita 180 ke nan. Biyu suna zagaya cikin gari, daga Babbar Kasuwa zuwa Zariya da Ali Ɗan Sofo da Burja, ba sa ƙona fiye da lita biyu a rana. Huɗu suna fita waje, wata rana Tibiri da ke nan kusa, wata rana Gidan Rumji ko Ɗan Isa, a tsakaice lita huɗu. In ka haɗa, na cikin gari lita 24 a sati, na waje lita 96, jimla 120. Lita sittin ke nan ba sa shiga tanki. Darakta in ya ga wannan zai ce sata. Kai kuwa ka san cewa daga cikinsu ake sayen kiredin wayar da ake kiran masu kantuna da shi, daga cikinsu ake biyan mai faci in taya ta yi a hanya, da juyen baƙin mai, da ɗan dakon da ya taya sauke katan-katan. Kamfani bai taɓa ware wa waɗannan ko dala ba. Ka kuma lura rabon bai yi adalci ba: na cikin gari yana tsira da lita uku kullum, wanda ya sha ƙurar hanya yana tsira da ɗaya, ranar doguwar tafiya ma ba ya tsira da komai.

Abin yi shi ne sati biyu na awo. Kowa ya rubuta lambar kilomita da ke kan moto da safe da kuma da yamma, ya rubuta duk abin da ya kashe don aiki, komai ƙanƙantarsa. In ma'aunin wani moton ya mutu, a gyara shi kafin a fara, in ba haka ba gardama ba za ta ƙare ba. Ka faɗa musu a fili abin da awon zai haifar, kada su ji kamar tarko ne. Bayan sati biyu ka tafi wurin darakta da takarda mai ɓangare biyu. Na farko: esansi ya koma bisa kilomita, a misali lita ɗaya ga kowane kilomita talatin, da ɗan rangwame a watan Agusta lokacin da ruwa ke ɓata hanya ana zagaye. Na biyu: daga abin da aka yi tsiminsa, a ware kuɗin kiredi na sati ga kowa, faci da juyen mai kuma kamfani ya biya bisa rasit. Ko rabin lita sittin ɗin aka mayar musu ta wannan hanya, kamfani ya ci riba, su kuma abin da suke ɗauka a ɓoye ya zama haƙƙinsu a rubuce.

Na ga ekip ɗin da aka yi wa haka. Abin da ya juya zukatansu shi ne ranar da ɗaya daga cikinsu ya dawo daga ƙauye da tsohuwar tib a ɗaure bayan moto, ya miƙa wa shef ƴar takardar da mai faci ya rubuta da biro, shef ya sa hannu, mai kes ya ƙirgo masa kuɗinsa a gaban kowa. Daga ranar suka gane cewa shigar da yake yi ofishin darakta tana iya fitowa da wani abu nasu. Wannan shi ne amfanin ɗauko shef daga ciki: ya san inda takalmin ke matsa kowa, baƙo kuwa sai ya yi shekara bai gano ba.

Na cikin garin za su ji a jikinsu, don su ne suka fi asara, kada ka yi mamaki in sun fi kowa ɗaure fuska. Maganinsu yana cikin rabon hanyoyi. In ana biyan kamasho bisa ciniki, hanya mai manyan kantuna arziki ce, kuma idon kowa yana kanka a ga wa za ka ba. Kada ka riƙa juya hanyoyi kowane sati don neman a ce ka yi adalci. Mai kanti da mutum yake hulɗa, kuma wanda ya ba da bashi shi ya san ranar da ake samun mai shi a kanti. Juyi duk wata uku ya fi, a rubuta jerin tun yanzu har na shekara, a kuma miƙa littafin bashi hannu da hannu a gaban mai kantin. Ka kula da amininka na cikin ekip. Kada ya sami hanya mai maiƙo a zagayen farko, kuma ka gaya masa dalili tun kafin a manna takardar, don kada ya ji a jikin allo.

Yayan naka

Shi kuma nasa daban ne, kuma ba a taro ake yin sa ba. Mutumin nan an yi masa rauni a gaban ƙannensa. Matarsa ta ji, abokansa na unguwa sun ji. Ba kai ka yi masa ba, amma fuskarka yake gani kowace safiya. Ka je gidansa ranar hutu bayan la'asar, kai kaɗai, ba a moton kamfani ba in da hali. Ka gaishe shi yadda ka saba tun kana yaronsa, ka tambayi iyali, ka sha ruwan da aka kawo. Sannan ka ce masa: “Yaya, ni ban manta wanda ya nuna mini hanyar Tibiri ba, ban manta wanda ya koya mini yadda ake karɓar bashi ba tare da an ɓata da mai kanti ba. Abin nan da ya faru na san ya taɓa ka, kuma da ni ne ma zai taɓa ni. Ban zo in ce ka ji daɗinsa ba. Na zo in roƙe ka ka taimake ni, domin yaran nan kai suke kallo.” Daga nan ka yi shiru ka bar shi ya yi magana, ko da maganar ta yi ɗaci. Kada ka kare darakta, kada kuma ka zage shi don ka faranta masa.

Abu biyu ka kiyaye a wannan zaman. Kada ka nemi gafara a kan naɗin, kada ka ce kai ma ba ka so ba ko shi ya fi cancanta. Magana ce mai daɗin faɗa a lokacin, amma gobe za ta zaga ekip a matsayin shef da bakinsa ya ce bai cancanta ba. Kuma kada ka fita ba ka ambaci kuɗin ba. Ka ce masa a hankali: “Maganar zuba kuɗi kuwa, yaya, ba zan iya ware ka ba. In na ware ka, na rasa bakin yi wa sauran magana. Na fi so ka ji daga gare ni a nan ɗakinka.”

Girma kuwa ka ba shi iyakar iyawarka, na gaske wanda ake gani. Duk sabon yaro da aka ɗauka ya bi shi sati biyu. In rikici ya taso da babban mai kanti, ku je tare, shi ya fara magana. Kafin ka kawo sabon tsari a taro, ka nuna masa da daddare ka ji ra'ayinsa, in ya gyara maka wani abu ka faɗa a gaban kowa cewa gyaran nasa ne. In darakta zai yarda a rubuta masa aikin koyar da sababbi da ɗan alawus, ka nema masa. A gaisuwa da wurin zama da kwanon abinci yana nan yayanka har abada. A littafin kes kuwa layinsa daidai yake da na ƙaramin cikinku.

In ya sake ce maka “ranka ya daɗe” a gaban jama'a, ka amsa da fuska a sake, “tare da naka, yaya,” ka ci gaba da abin da kake yi. Gatsen da bai sami fushi ba bai kuma sami kame-kame ba, ba ya daɗewa.

Fada kuwa kada ka ƙaurace mata, kada kuma ka nace. Ka je, ka zuba naka kuɗin shayi da sukari kamar da, ba ninki ba, ka sha na fari da na biyu ka tashi. Suna da bukatar wurin da za su yi ƙorafin shef, kuma shef ɗin yanzu kai ne. Ka bar musu wannan sarari. Abin da kunnenka ya ji a fada kada ya taɓa fitowa a ofis, ko sau ɗaya. In kuna adashe ka ƙarasa zagayen da ake ciki, daga nan ka duba ko ya dace ka sake shiga, domin ranar da wanda ka ja wa kunne da safe ya kasa zubi da yamma, abu biyu za su cakuɗe. Taron suna da biki da ta'aziyya kuwa, na kowa ka je, ba na waɗanda kuke shiri kawai ba.

In ranar ta zo aka karya

Za a karya, ka sa wannan a ranka, kuma mai yiwuwa a satin farko. Abin da ka yi a karon farko shi ne dokar gaskiya, ba abin da ke manne a allo ba. Ka kira mutumin gefe a ranar, ba gobe ba, ka buɗe littafi, ka tambaye shi me ya faru kafin ka ce komai. Wani lokaci uzurin na gaske ne: mai kanti ya ce a dawo bayan isha, ko an rufe wurin aike. In babu uzuri, ka ce masa wannan jan kunne ne na baki, ka rubuta kwanan wata a naka littafin. Karo na biyu ka sanar da shi cewa za ka rubuta wa darakta, sannan ka rubuta, da rana da adadi, ba da siffanta halinsa ba. “Ranar kaza ya fita da kayan jaka ɗari uku da ashirin, ya zuba bayan kwana biyu” ta fi “ba ya jin magana” amfani gare ka da shi duka. Kada mutum ya taɓa jin labarin rahotonka a bakin wani kafin ya ji a naka.

Daga nan hukunci na kamfani ne, kuma yana da doka. Dokar ƙwadago ta Nijar, mai lamba 2012-45 ta 25 ga Satumba 2012, ta hana mai aiki ya ci ma'aikaci tara, don haka kada ka kuskura ka ƙirƙiro “duk wanda ya makara a cire masa jaka ɗaya”, ko da ekip ɗin sun ce sun yarda. Ta kuma wajabta a ba ma'aikaci damar kare kansa kafin a sallame shi a kan halinsa, shi ya sa ake fara ba shi takardar neman bayani ya amsa a rubuce. Ka nemi dokar cikin gida ta kamfaninku ka karanta matakan horo da ke ciki, in kuna da wakilan ma'aikata ka san su, in abu ya kai ga dakatarwa ko sallama kuma a tuntuɓi ofishin sufeton ƙwadago na Maraɗi kafin a sa hannu a komai. Kai dai kada kalmar kora ta fito daga bakinka. Ba ikonka ba ne, kuma barazanar da ba ka iya cikawa tana zubar da sauran maganganunka.

Yadda za ka gane ana samun sauƙi ba daga fara'a ba ne. Ka duba ko an fara kawo maka matsala tun tana ƙarama, wani ya kira ka daga hanya ya ce mai kanti ya hana kuɗi, me zan yi. Ka duba ko an fara yi maka gardama a fili a taro. Wannan alama ce mai kyau. Alamar da ba ta da kyau ita ce “to shef” a kan komai, sannan aiki ya tafi yadda yake tafiya da, ko kuma ka riƙa jin labarin ekip ɗinka daga bakin darakta. Irin wannan sauyin yakan ɗauki wata uku zuwa shida kafin ya zauna, kai kuwa kana wata na biyu.

Abin da na faɗa yana da iyaka. Ɓangarenka kawai na ji, kuma yana da kyau ka tambayi wani da kake yarda da shi a cikinsu ko akwai abin da ya canja a muryarka ko tafiyarka tun da aka naɗa ka, don mutum ba ya jin nasa. Afuwar abin da ya wuce kuma ta al'adar da kowa ke yi ce. In awo ya tono gibi na gaske, kuɗin da aka ci ba a mayar ba ko rasit na ƙarya, wannan ba naka ba ne ka yafe, dole ya je gaban darakta, iyakar abin da za ka yi wa mutumin shi ne ka ba shi dama ya riga ka shiga ya faɗa da bakinsa. In kuma darakta ya ƙi tsayawa a bayanka, yana karɓar kowa ta bayan gida yana warware abin da kuka shirya, to matsalar ta tashi daga kan abokanka ta koma kansa. A nan sai ka koma masa da littafin a hannu, ka nuna masa ranakun da aka warware da abin da kowace ta jawo a lissafi, ka tambaye shi ko dai ya bar maka rabon hanya da karɓar kuɗi gaba ɗaya, ko ya mayar da su hannunsa ya sanar da ekip da bakinsa cewa shi ke riƙe da su.